Kwatancen hanyar rumbun albasa a Aliero: dama ce ko hagu?

Hajiya Luba: Salamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya iya karanta taswirar waya ya taimake ni. Na sayi albasa buhu 40 a Aliero, gobe da asuba mota za ta tashi daga nan Birnin Kebbi ta kwaso. Direban baƙo ne a wajen, kuma ƙaramar waya ce gare shi mai madannai, hoto ba ya buɗuwa a kanta. Yaron mai albasar ya turo mini hotuna biyu da ya ɗauka daga Google Maps, ga su nan na saka. Na farko daga Birnin Kebbi ne har Aliero, na biyu kuma cikin gari ne zuwa rumbun. Ga abin da na rubuta wa direban daga hoto na biyu: "Idan ka zo gidan mai ka yi dama, ka tafi ka ƙara yin dama, sannan ka yi ƙasa kaɗan." Ya yi?

Nafi'u Jega: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ai ba sai kin wahala ba, ki danna `Steps` a ƙasan taswirar, zai jero miki duk kwanar da za a yi, ki kwafa.

Hajiya Luba: Nafi'u hoto ne fa aka turo mini. Na danna har yatsana ya gaji, ba abin da ya motsa.

Nafi'u Jega: Au, haka ne. To a yi haƙuri.

Malam Sanusi: Hajiya kada ki tura wannan tukuna. Ta farko daidai ce, ta biyun kuwa hagu ce ba dama ba, kuma "ka yi ƙasa" ba abin da zai gaya wa mutumin da ke riƙe da sitiyari, domin ƙasan hoton ne ba ƙasan hanya ba. Amma kafin mu zo nan, ku dubi inda jan tsinken yake a hoto na biyu. Yana bakin babban titi ne, wajen gidan man. Shuɗin ɗigon kuma yana can ƙasa inda layin ya ƙare cikin unguwa. A Google Maps jan tsinke shi ne inda za a je, shuɗin ɗigo kuma inda mai wayar yake tsaye. Ke nan yaron yana tsaye a rumbun ne ya nemi hanyar fita zuwa titi. Direbanki kuwa shiga zai yi, saboda haka daga jan tsinke zai fara, ya ƙare a shuɗin ɗigo.

Bilya Mai Shago: To ni da na ce gidan man ne wurin ɗaukar kayan. Har na fara rubuta cewa ai bakin titi ne, ba ya buƙatar kwatance.

Malam Sanusi: Ka ga irinta. Kuma da yaron ya kwafo mata jerin kwanonin daga wayarsa kamar yadda Nafi'u ya ce, da na fita ya kwafo. Duk inda aka ce dama sai ta zama hagu ga mai shigowa, kuma jerin kansa sai an karanta shi daga ƙarshe zuwa farko. Hajiya ki kira yaron ki tabbatar a rumbun yake tsaye lokacin da ya ɗauki hoton, ba a gidansu ba.

Hajiya Luba: Na kira shi yanzu. Ya ce a ƙofar rumbun yake. Amma Malam ban gane maganar hagun nan ba. Ga layi nan ina kallonsa ƙuru-ƙuru ya karkata dama.

Malam Sanusi: Damarki ce Hajiya, ke da kike kallon hoto. Bari mu bi shi a hankali. Wannan hoton arewa ce a samansa. Abin da ya sa na ce haka, babban titin ya taso daga kusurwar ƙasa ta hagu ya haura kusurwar sama ta dama, kuma haka titin Jega zuwa Sakkwato yake kwance, Jega tana kudu maso yamma da Aliero. Direba zai fito daga Jega, wato yana haurawa saman hoton. Muddin mota tana tafiya sama a hoto, damarki da damar direba ɗaya ce. Shi ya sa kwanar farko ta yi daidai.

Da ya bar titi, layin ya gangaro ƙasan hoton, wato motar ta fuskanci kudu, ta fuskanto ki ke nan. Kin san idan mutum ya tsaya gabanki kuna fuskantar juna, hannunsa na dama yana saitin hagunki ne. To haka motar take a nan. Layin ya karkata zuwa damar hoton, wato gabas, kuma mai fuskantar kudu gabas tana hagunsa. Daga nan ya yi ɗan tafiya gabas, sai layin ya sake gangarawa kudu. Mai fuskantar gabas kudu tana damarsa. Saboda haka dama, hagu, dama.

Idan lissafin ya rikice, ki kashe juyawar allon waya, ki ɗora ta a tabarma, ki riƙa juya wayar da hannu har guntun layin da motar take kai ya miƙe yana nisa da ke. Duk inda ya karkata a lokacin, nan ne hannun direba. A kowace kwana sai kin sake juyawa, ba sau ɗaya ba.

Hajiya Luba: Ikon Allah. Na juya, ga ta nan ta koma hagu. Da na aika bawan Allah gonakin mutane.

Umar Gusau: Malam wannan juya wayar ita ta kwana da ni a hanya bara. Ɗaurin aure aka yi a Tudun Wada nan Gusau, abokina ya turo mini hoto don in kwatanta wa motar 'yan uwanmu. Na san tafiyar kudu ce, sai na yi wayo na juya duk kwanonin, dama na mayar hagu. Sai ga su can wata unguwa suna kirana, har aka shafa fatiha ba su iso ba.

Malam Sanusi: Akwai kibiya a ƙasan hoton, da koren allo a sama mai nuna kwana ta gaba?

Umar Gusau: Akwai kuwa. Kuma gidajen kamar an kwantar da su.

Malam Sanusi: To yana cikin tafiya ya ɗauka. A wannan yanayin taswirar ta riga ta juya kanta, inda mota ta dosa shi ne sama, ba arewa ba. Ita ta juya, kai ma ka juya, ka ga an yi biyu. Akan ga 'yar alamar kamfas a gefe, jan bakinta shi ke nuna arewa, idan ka ga ya kalli gefe ko ƙasa to an juya taswirar. Shi ya sa ban ce a mayar da dama hagu don an san kudu za a ba. Abin da na ce, a nemo inda motar take a kan layin, a sa layin ya miƙe gaba, sannan a karanta. Wannan yana aiki ko ina arewa take.

Malama Hadiza: Ni fa ina ganin duk wannan wahalar ba ta taso ba. Me zai hana a rubuta da gabas da yamma? Ka yi kudu, ka yi gabas, ka yi kudu. Ba ruwanka da inda mota ta fuskanta, kuma ba Musulmin da bai san gabas ba. Iyayenmu da haka suke kwatance.

Baba Ɗanjuma: Malama, a garinku kin san gabas. Shekara 30 da wani abu ina jan mota, in na shiga garin da ban sani ba da rana tsaka, sai na tambayi alƙibla kamin in yi salla. Ga hazo lokacin hunturu, rana ma ba ka ganinta sosai. Kuma tituna ba su miƙe ba, kana kudu yanzu, an jima lanƙwasa ta kai ka yamma ba ka sani ba.

Malama Hadiza: Baba ai da asuba zai tashi, yana isa rana tana fitowa. Ga gabas nan a gabansa.

Malam Sanusi: Maganar Malama tana da amfani ga mai rubutawa, don ni ma da ita na tantance kwanonin. Sai dai tana aiki ne idan an tabbata arewa ce a saman hoton, a irin hoton Umar da an yi ɓatan da ya fi wancan. Ni dai ba zan ba direba ita kaɗai ba.

Malama Hadiza: To a haɗa biyun mana. Hagu, wato gabas. In ɗaya ta ruɗe shi ɗayar ta gyara.

Baba Ɗanjuma: In sun saɓa masa a kai fa, wacce zai bi? Ni abu guda nake so a kunnena. Kuma ɗiyata Luba, bari in ba ki wadda muke yi a tasha. Wasu in ka ce dama ko hauni sai sun tsaya sun tuna hannun da suke cin tuwo. Ki ce masa gefen direba ko gefen yaron mota. Sitiyarinmu yana hagu, to gefen direba shi ne hagu. Wanda zai yi kwana gefen direba ya san sai ya tsallaka hannun masu tahowa, zai rage gudu tun da nisa.

Hajiya Luba: Na gode Baba. To hoton farko fa? Na fara ƙirga kwanonin daga Birnin Kebbi na kai tara na rikice.

Baba Ɗanjuma: Tara! Ina kika samo su? Ba direban da za a ce ya je Jega ya tsaya tambaya. Layi biyu ya isa. Ya bi hanyar Jega, a Kalgo kada ya ɗauki ta Bunza da ke damarsa. In ya kai Jega ya ɗauki hanyar Sakkwato a hagu, ba ta Koko da Yawuri ba. Sai Aliero.

Malam Sanusi: Baba ya gama magana. Abin da kika ƙirga Hajiya lanƙwasar titi ce. Titi yana iya karkata sau goma, direba yana binsa ne kawai, ba abin da zai zaɓa. Ana rubuta kwana ne a inda hanya ta rabu, inda in bai sani ba zai iya bin wata. In kika rubuta masa "ka yi hagu" a wurin da titi ne kawai ya lanƙwasa, zai yi ta neman mararrabar da babu, in ya ga wata 'yar hanya a hagu sai ya faɗa.

Akwai irin wannan a hoto na biyu ma. Ku dubi tsakiyar dogon layin da ya gangaro kudu, ya ɗan karkata. Na buɗa hoton na duba, ba wata hanya da ta rabu a wurin. Ba za mu kira ta kwana ba, amma yana da kyau a ce masa hanyar za ta ɗan lanƙwasa, ya ci gaba da binta, don kada ya ɗauka ita ce hagun da aka ce.

Bilya Mai Shago: To ni na ƙirga masa. Bayan ya bar titi, lungu biyu zai wuce a hagunsa, na uku zai shiga. A rubuta kwana ta uku, magana ta ƙare.

Malam Sanusi: A hoton haka ne Bilya, ka ƙirga daidai, har ka ƙirga a hannun da ya dace. Matsalar ita ce taswira tana ɓoye ƙananan hanyoyi idan an janye ta nesa, sai an matso suke fitowa, wasu lungunan ma ba a zana su ba sam. Direba kuma duk wani fili tsakanin gida biyu da ya ga sawun taya, lungu ne a wurinsa. Hajiya ki ce yaron ya taka daga titi ya ƙirga da idonsa, ko ya hau babur.

Nafi'u Jega: Kafin ya dawo, nisan fa? Na ga ɗan layi a kusurwar hoton an rubuta `200 m`.

Malam Sanusi: Sa'a aka yi ya fito, don yawanci yakan bayyana ne lokacin da ake matso da taswira ko janye ta, sannan ya ɓace. Mai son ya zauna kullum sai ya shiga saitin Google Maps, wurin `Show scale on map`, ya zaɓi `Always`. Na sa rula a kan tawa wayar, layin ma'aunin santimita 2 ne. Ke nan kowace santimita mita 100 ce. Daga titi zuwa kwanar hagu na bi lanƙwasar da zare na miƙe shi a kan rula, santimita 7, mita 700 ke nan. Daga nan zuwa kwanar dama santimita 3, mita 300. Guntun ƙarshe santimita 1, mita 100.

Nafi'u Jega: Ni a tawa na auna na samu 5 da ɗan ɗori, ba 7 ba.

Malam Sanusi: Allonka ya fi nawa ƙanƙanta. Auna layin ma'aunin ma, za ka ga bai kai 2 ba, wajen ɗaya da rabi. Abin da ake nema shi ne sau nawa layin ma'aunin zai shiga cikin hanyar, kuma a kowace waya sau uku da rabi ne. Sharaɗin kawai kada ka buɗa hoton tsakanin awo na farko da na biyu. Wanda ba shi da rula ya yanki tsinken tsintsiya daidai tsawon ma'aunin ya riƙa ɗorawa.

Baba Ɗanjuma: Malam kun yi ƙoƙari, amma wa ya san mita 700 a cikin mota? Rabin motocin tasha agogon kilomita ya mutu tun tuni.

Malam Sanusi: Gaskiya ne Baba. A mayar da ita lokaci. Cikin unguwa da babbar mota ba zai wuce gudun 20 ba, a haka mita 700 minti 2 ne da 'yan daƙiƙu. Amfaninta ya san in ya yi minti 5 bai ga kwanar ba, to ya wuce.

Baba Ɗanjuma: In awaki ba su tare shi ba. Ni dai a ba ni abin da ido ke gani.

Hajiya Luba: Yaron ya dawo. Ya ce lungu huɗu ne a hagu kafin kwanar, ba biyu ba. A bakin kwanar akwai tankin ruwa mai sola a kan ƙarafa, in an wuce shi kaɗan sai makarantar firamare. Kwana ta ƙarshe kuma akwai injin niƙa. Rumbun na kara ne, yana hannun hagu, ƙarshen layin.

Bilya Mai Shago: Huɗu? To na janye ƙirgata.

Malam Sanusi: Tankin nan ya fi duk awon da na yi. Makarantar ma a saka ta, don ita ce za ta gaya masa ya zarce. Abu ɗaya Hajiya, ki sake tambayarsa hagun wa yake nufi da ya ce rumbun yana hagu, na mai shiga ko na mai fita. Shi kullum daga ciki yake fitowa. Haka gidan man, in an taho daga Jega a wane hannu yake, kuma kwanar kafinsa take ko bayansa. A hoto tsinken ya rufe wurin, ba na iya gani.

Umar Gusau: Tunda ana ciki, shataletale fa yaya ake rubuta shi? Nan Gusau su suka fi rikita baƙi.

Malam Sanusi: Da ƙirgar mafita. A ƙasar nan hannun dama muke bi, saboda haka in ka shiga shataletale dama kake karkata, kana zagaya saɓanin tafiyar agogo. Mai hanya huɗu, mafita ta farko ita ce damarka, ta biyu miƙewa, ta uku hagu. A hoto ka sa yatsa inda layin ya shiga, ka zagaya saɓanin agogo, kana ƙirga kowace hanya har wadda layin ya fita. Wannan bai damu da yadda aka juya taswirar ba. Amma kada ka rubuta "ka yi hagu a shataletale" kawai, ka ce mafita ta uku, ka ƙara da sunan hanyar ko garin da ta nufa.

Hajiya Luba: Ya ce hagun mai fita yake nufi, ashe rumbun dama ne ga mai shiga. Gidan man kuma yana dama in an taho daga Jega, kwanar tana bayansa kai tsaye. Ga abin da na rubuta yanzu, ku duba mini:

Ka bi hanyar Jega. A Kalgo kada ka ɗauki ta Bunza.
A Jega ka ɗauki hanyar Sakkwato, hagu.
A Aliero za ka ga gidan mai a dama. Kana wuce shi ka shiga dama.
Ka miƙe kamar minti 2. Hanyar za ta ɗan lanƙwasa, ka bi ta.
Wurin tankin ruwa mai sola ka yi hagu, gefen direba. In ka ga makarantar firamare ka wuce, ka juyo.
Ka tafi kaɗan, wurin injin niƙa ka yi dama.
Rumbun kara ne a ƙarshen layin, hannun dama.

Nafi'u Jega: Gidan mai ɗaya ne a Aliero Hajiya? Ki sa sunan da ke jikin allonsa. Sannan in saƙon tes za ki tura, ki rubuta da k da d na gama-gari. Haruffa masu lanƙwasa suna rage saƙo ɗaya daga harafi 160 zuwa 70, sai ya rarrabu, wasu ƙananan wayoyin ma akwati suke nunawa a wurinsu.

Malam Sanusi: Nafi'u ya kama babba, sunan gidan man dole ne. Kuma a ƙara cewa in ya juyo daga makarantar, tankin zai koma damarsa.

Malama Hadiza: Kun gani ko? Da gabas aka ce, ko ya juyo gabas tana nan inda take.

Baba Ɗanjuma: Malama ba za ki bari ba ke nan. Luba, wace irin mota ce?

Hajiya Luba: Kanta ce Baba.

Baba Ɗanjuma: To wanga layin shuɗi bai san faɗin motarki ba. Lungun injin niƙa nake ji, a tambayi yaron ko babbar mota ta taɓa shiga, kuma akwai wurin juyawa a ƙarshe. In babu, ya tsaya bakin tanki a fito da buhunan a kura.

Hajiya Luba: Ya ce motocin da ke zuwa ɗaukar albasa duk a bakin injin niƙa suke tsayawa, bai taɓa ganin wadda ta shiga ciki ba. Bari in goge layin ƙarshe in ce ya tsaya nan ya kira yaron, zan sa masa lambarsa a ƙasan saƙon.